Hutun haraji: wanda Daura ke biya, masana'antar kuma tana wani wuri

Duk wanda ya zagaya Daura a yau zai ga gine-ginen da babu su shekara goma sha biyu da suka wuce: Jami'ar Sufuri ta Tarayya, Kwalejin Fasaha ta Tarayya, asibitin sojin sama, ga kuma aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta garin. Dukkansu ayyukan gwamnati ne, ko waɗanda gwamnati ta jawo. Abin da bai biyo bayansu ba shi ne manyan masana'antun 'yan kasuwa, alhali dokar da ke yafe wa sabbin masana'antu haraji ta yi aiki a Daura da Mai'aduwa da Zango kamar yadda ta yi a Legas da Ogun, tun daga shekarar 1971 har zuwa ƙarshen 2025.

Tsarin da aka daɗe a kansa shi ne, kamfanin da ya zuba jari a ɗaya daga cikin fannonin da gwamnati ta lissafa zai nemi takardar shaida daga Hukumar Bunƙasa Zuba Jari ta Ƙasa, NIPC. Idan ya samu, ba zai biya harajin riba ba har shekara uku, kuma ana iya ƙara masa biyu. A 2017, zamanin marigayi Muhammadu Buhari, aka ƙara fannoni 27 a jerin. Hujjar da ake bayarwa ba ta sauyawa: a yafe kaɗan yau, a samu ayyukan yi da haraji mai yawa gobe.

To wa ke ɗaukar nauyin yafiyar? Harajin ribar kamfanoni ba na jihar da kamfanin yake zaune ba ne. Asusun Tarayya yake shiga, a raba shi: kashi 52.68 cikin ɗari na gwamnatin tarayya, 26.72 na jihohi, 20.60 na ƙananan hukumomi. A ƙaddara wani babban kamfani yana cin ribar naira biliyan 10 a shekara. A kan kashi 30 cikin ɗari, harajinsa biliyan 3 ne. Idan aka ba shi hutu, abin da ya kuɓuce wa jihohi ya kai kusan miliyan 800, na ƙananan hukumomi kuma ya haura miliyan 600, kafin a cire ladan hukumar da ke karɓa. A shekara biyar, biliyan 15 ke nan daga kamfani ɗaya tak. Jihar Katsina, da ƙananan hukumominta 34, ta dogara ƙwarai da wannan kaso, don haka hutun da aka sa wa hannu a Abuja domin wata masana'anta a Kudu yana rage kuɗin albashin malamin firamare a Baure, ba tare da an taɓa tambayar majalisar dokokin jihar ba. Kuɗi ne da aka kashe, sai dai ba ya fitowa a kasafi a matsayin kashewa, shi ya sa ba a cika jin ana muhawara a kansa ba.

Asarar ma ba ta tsayawa ranar da hutun ya ƙare. Tsohuwar dokar ta ɗauki injunan kamfanin kamar ranar da hutu ya ƙare aka saye su, saboda haka rangwamen tsufan injuna yakan fara ne daga nan, ya ci gaba da rage harajin na wasu shekaru. Ribar da aka raba wa masu hannun jari daga kuɗin lokacin hutu ita ma ba a taɓa ta.

Yanzu a juya lissafin zuwa mutumin da ake son jawowa. A ce wani ɗan kasuwa ya yi niyyar kafa masana'antar gyaran riɗi ko jimar fata ta naira biliyan 2 a wajen garin Daura. Shekarunsa biyu na farko za su tafi wajen biyan ruwan banki, da sayen man janareta, da horar da ma'aikata, da neman masu saye. Da wuya ya ga riba, kuma wanda bai ci riba ba babu harajin ribar da za a yafe masa. Idan a shekara ta uku ya ci miliyan 100, abin da hutun ya bar masa bai wuce miliyan 30 ba, wato kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na jarinsa. Babu mai hankalin da zai zaɓi wurin kafa masana'anta saboda wannan. Hutun ya fi tsoka ga kamfanin da ke da tabbacin riba mai kauri tun daga rana ta farko, kuma irin wannan kamfani zai zo ko da hutu ko babu.

Siminti ya isa misali. Masana'antun Dangote na Obajana da Ibese sun amfana da wannan hutu, amma ba takardar NIPC ce ta zaɓi garuruwan ba. Dutsen da ake yin siminti da shi ne ya zaɓe su, kamar yadda ya zaɓi Kalambaina a Sakkwato, sannan hana shigo da siminti daga waje ya tabbatar musu da kasuwa. Ana iya cewa hutun ya sa sun hanzarta faɗaɗa aiki, kuma wannan magana ce da ba za a watsar ba. Amma tambayar da ya kamata a yi kafin a yafe ko sisi ita ce: da ba a yafe ba, da jarin ya fasa zuwa? Haka nan masaƙun Kaduna da na Sharaɗa da Bompai ba harajin riba ne ya rufe su ba. Rashin wuta da yadin fasa-ƙwauri ne.

Ga mai son kafa masana'anta a masarautar Daura, abin da zai fara dubawa shi ne awa nawa KEDCO ke ba da wuta, sai kuma iyaka. Kasuwarsa ta kusa tana bayan Kwangwalam, har zuwa Damagaram. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 bayan juyin mulki a Yamai. Rufewa biyu cikin shekara biyar ta fi ƙarfin duk wani rangwame.

Dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta maye gurbin hutun da wani tsari. Yanzu kamfani zai biya haraji, amma za a rage masa kashi 5 cikin ɗari na abin da ya kashe a kan gini da injuna, kowace shekara har biyar. A misalinmu, miliyan 100 ke nan a shekara, miliyan 500 gaba ɗaya. Wannan ya fi na da, domin gwamnati ta san iyakar abin da za ta rasa, kuma sai ka zuba jari a zahiri kafin ka samu. Sai dai har yanzu daga haraji ake cirewa, wanda ba a bin sa haraji zai ajiye rangwamensa ne ya jira. Akwai kuma mafi ƙarancin jarin da aka gindaya wa kowane fanni, abin da ke iya barin ƙananan masu sarrafa amfanin gona a waje.

Jihar kanta ba ta da ikon yafe harajin riba. Abin da ke hannunta, ta hukumar KIPA, shi ne fili da takardar mallaka da kuɗaɗen rajista da harajin ƙasa. Nan ne 'yan majalisar da ke wakiltar Daura da Sandamu za su iya neman a fito da lissafi a fili: wa aka ba fili, nawa aka yafe masa, ma'aikata nawa ya yi alkawarin ɗauka, nawa ne ke karɓar albashi a yau, kuma idan bayan shekara uku katanga kawai aka zagaye, wace doka ce za ta dawo da filin.