Takardar Godiya Ga Malamar Aji

Ga watan Yuli ya kama, zango na uku ya zo ƙarshe, yara za su karɓo sakamako su tafi dogon hutu, sai Satumba in Allah ya kai mu. Na san yawancinku kun riga kun fara lissafin wanda zai bi Malam gona da wadda za ta riƙa kai abinci. To, kafin a rufe ƙofar aji, ina so in ba ku labarin wata takarda da muka rubuta bara a nan Matazu, don na ga matan unguwanni biyu suna niyyar yin irinta bana, kuma ba na so su yi tuntuɓe inda muka yi.

Ƙanena yana aji uku a wata firamare ta cikin gari. Innarmu ba ta fita, saboda haka ni ce wakiliyarta a taron iyaye mata. Yara 58 ne a ajin, malama ɗaya. Da aka shiga shekara, waɗanda ke iya haɗa baƙi da wasali su karanta kalma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kafin azumi sai ga ƙanen nan nawa yana tsayawa gindin allon kanti yana karanta abin da aka rubuta, har yana gyara wa mai kantin. Wata dattijuwa cikinmu, wadda duk muke kira Goggo, ita ta fara cewa, "Yarinyar nan ta yi mana aiki. In muka yi shiru ba mu kyauta ba." Da yake ni na yi kwalejin horon malamai, sai aka ce to, ke ce magatakarda.

Abu na fari da ya kusa ɓata mana shiri shi ne lokaci. Wata ta ce a kai wa Malama godiya da ɗan abin hannu tun mako biyu kafin jarrabawa, "don ta ji daɗin duba takardun yaranmu." Aka yi dariya, amma fa ba wasa take yi ba. Jama'a, abin da aka kai wa malami alhali makin yara yana hannunsa, ko da zuciya ɗaya aka kai, sunansa toshiyar baki. Malamin gwamnati kuwa ma'aikaci ne, kuma ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Tsarin Mulki na 1999 ta hana ma'aikaci karɓar kyauta saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Kun ga ke nan muna iya jawo wa baiwar Allah takardar tuhuma da hannunmu. Ko ba a kai ga haka ba, duk yaron da ya zo na ɗaya sai a ce uwarsa ce ta saya masa. Muka tsai da magana, ba a kai kome sai ranar rufe makaranta, bayan an raba sakamako, kuma a gaban hedimasta.

Sai batun kuɗi. An so a yanka wa kowace uwa naira 500 a sayi atamfa. Ku da kanku kun san Yuli a ƙasar nan. Daga Matazu har Malumfashi da Funtuwa, abin da ke aljihun maigida ya tafi wajen taki da 'yan ƙodago, rumbu ya yi ƙasa, sabuwar masara ba ta iso ba, tiyar dawa kuwa ta yi tsada. Na duba fuskokin mata, na ga wasu sun sunkuyar da kai. Akwai mai 'ya'ya uku a makarantar, akwai wadda mijinta ya rasu. In an yanka kuɗi, waɗannan ba za su ce ba su da shi ba, zuwa taro kawai za su daina, sa'an nan godiyar ta zama ta masu hali. Goggo ce ta raba gardama. Ta ce takarda daban, kyauta daban. Sunan kowa zai shiga takarda kyauta, ba a biyan ko kwabo. Wadda ta ga za ta iya, ta aiko da ƙwan zabi gidanta, da ma lokacinsu ne, kuma ba za a rubuta wa ya kawo nawa ba. Aka sami abin da ya cika ƙwarya guda, aka shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa don kada su fashe. Hedimasta da muka shawarta ya ce wannan ba laifi, gaisuwa ce irin ta al'ada.

Yanzu ga inda ni kaina na yi kuskure, ba zan ɓoye muku ba. Na zauna da dare na rubuta takarda da Turanci, shafi biyu, na cika ta da manyan kalmomi irin waɗanda muka koya a kwaleji. Da na karanta wa mata, sai ɗakin ya yi tsit. Can Goggo ta ce, "'Yata, sannu da ƙoƙari. Amma wannan godiyarki ce, ba tamu ba, don ban ji kome ba sai sunan garinmu." Kunya ta kama ni. Na juya ta da Hausa, sai ta koma kirari: fitila mai kore duhu, uwa ba da mama, da sauransu. Wata ta ce, "In kin cire sunan Malama kin sa na ungozoma, ai duk zai zauna daidai." Gaskiyarta kuwa. Takardar da za a iya aika wa kowa, ba a rubuta wa kowa ita ba.

Abin da ya gyara mana ita shi ne tambaya guda. Muka raba gidajen tsakanin mu huɗu masu fita, muka bi su cikin kwana uku, muna tambayar kowace uwa: mene ne ɗanki ko 'yarki ke yi yanzu wanda bara ba ya yi? Ba mu ce yaya kika ga Malama ba, don amsar wannan kullum "madalla" ce. Nan fa muka ji abubuwa. Wata ta ce 'yarta ce ke karanta mata saƙon waya in mijinta ya aiko daga Legas, ba ta ƙara kai wa maƙwabta su ji sirrinta. Wata ta ce yaronta ya daina ɓatan canji in an aike shi kasuwa. Wata kuma ta ce 'yarta ta yi mako uku ba ta zuwa saboda tallan awara, Malama ta tako har ɗakinta, suka daidaita a kan a riƙa tallan bayan an tashi. Daga cikin abin da muka tara muka zaɓi uku, don in an zuba duka ba mai iya saurara. Ga yadda ta fita:

"Zuwa ga Malamar aji uku. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu iyayen yaran ajinki mun rubuto ne mu yi miki godiya a kan aikin shekarar nan. Mun ba ki yara da yawansu ba su haɗa baƙi, yau ga shi suna karanta mana saƙo a gida. Sun iya lissafin canji, ba a cutarsu a kasuwa. Da wata yarinya ta daina zuwa, ba ki soke sunanta ba, kin biyo ta har gida kin komo da ita. Mun san yara 58 a ɗaki ɗaya ba ƙaramin kaya ba ne. Mun gani, mun kuwa gode. Allah ya saka miki da alheri, ya raya miki naki. Wasalam. Mu ne iyaye 49 da sunayenmu ke ƙasa."

Ku lura ba a ambaci sunan yarinyar ba. Uwar ta yarda a faɗi abin, amma takarda ce da za a karanta a gaban mutane, bai kamata a bar yarinya da abin gori ba. Ku lura kuma ba mu sa kuka a ciki ba. Wasu sun so a ƙara cewa rufin ajin yana yoyo, benci kuma bai isa ba. Gaskiya ne, amma wannan maganar kwamitin kula da makaranta ce, ta tafi can a takarda daban. In aka gama godiya da ƙara, ƙarar ake ji.

Wataƙila kun yi tambaya a zuci, yara 58, ina sauran tara? Uku dai gida ɗaya suke da wasu, uwa guda ta sa hannu sau ɗaya. Biyar ba mu same su ba, sun tafi biki ko jinya. Ɗaya kuwa ta ƙi. Ta ce ɗanta ya shekara yana zuwa, har yau sunansa ma bai iya rubutawa ba, godiyar me za ta yi? Wasu suka ce a sa sunanta kawai, wa zai sani? Na ƙi. In mun rubuta "dukan iyaye" mun yi ƙarya, ranar da ta faɗa a gidan suna cewa ba da ita ba, takardar duka ta zube. Shi ya sa muka rubuta 49, kowace ta sa hannu yadda ta iya, wata da boko, wata da ajami, da yawa kuma suka dangwala babban yatsa da tawada.

Abu na ƙarshe, wanda a ganina ya fi ƙwan nan amfani nesa ba kusa ba, shi ne kwafi. Mun yi uku. Ɗaya ga Malama, ɗaya ga hedimasta, ɗaya kuma muka roƙe shi ya aika wa Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma, a sa a fayil ɗinta. Fayil ɗin malami, in kun buɗe, takardar ɗauka aiki ce da ta canjin wuri, sai ta jan kunne in ya yi laifi. Da wuya a ga wadda iyaye suka ce ya yi kirki. Ban ce muku takardarmu za ta ƙara mata girma ko albashi ba, wannan yana da nasa hanyoyi. Amma duk wanda ya buɗe fayil ɗin nan gaba, zai tarar da ita. Ku bi ta hannun hedimasta fa, kada ku tsallake shi, don in takarda ta isa ofis bai sani ba, Malama ce za ta sha tambaya.

Ranar rufewa, bayan an raba sakamako, ba ni na karanta ba. Yarinyar nan mai karanta wa uwarta saƙo muka tsayar, ta karanta a hankali, tana bin layi da yatsa, ta yi tuntuɓe sau biyu ta gyara da kanta. Malama ta rufe fuska da gefen hijabi, ba ta ce kome ba sai "Na gode, iyayena." Da aka watse ta kira ni gefe, ta ce ta ƙirga sunayen, ta kuma san wadda babu. Ta ce ta daɗe tana zaton yaron nan ba ya ganin allo sosai, don kullum sai ya runtse ido, ta aika sau biyu ba a zo ba. Ta roƙe ni in raka ta gidan ranar Asabar, a yi maganar kai shi asibiti a duba idon kafin Satumba. Muka tafi tare, uwar ta shimfiɗa mana tabarma.