Janareton da ya ɗauki fanka uku, me ya sa firiza ɗaya ke kayar da shi?

Daga watan Maris zuwa Mayu, idan zafi ya kankama a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, wutar kamfanin Kaduna Electric kuma ta yi ɓatan dabo, gidaje da yawa kan fara shawarar sayen janareto. Mai kanti zai ce wannan "yana ɗaukar komai". To, ku da kuke karatun fiziks kuna iya bincika maganarsa da biro da takarda kafin Baba ya zaro kuɗinsa.

Kowane kayan wuta yana da ɗan allo a baya ko a ƙasa. Lambar da ke kusa da harafin W ita ce wat ɗin da yake ci yana aiki. Idan A kawai kuka gani, wato amfiya, ku ninka ta da 230, ƙarfin wutar gida a Nijeriya. Firizar da aka rubuta wa 0.65 A tana cin wat 150 ke nan, ko kusa da haka.

Mu ɗauki wani gida a Shinkafi. Ƙwayayen fitila takwas masu wat 10 sun ba da 80. Fankokin silin uku masu wat 70 sun ba da 210. Talabijin da dikoda 110, cajin wayoyi 50, firizar da Mama ke yin ƙanƙara da zoɓon sayarwa 150. Jimilla wat 600. Ƙaramin janareton nan da ake zuba wa mai haɗe da baƙin mai, mai lamba 950 a jikinsa, abin da yake iya riƙewa na tsawon lokaci bai wuce wat 650 ba. A takarda dai ya isa. Amma a jona firizar a gani: fitilu su dushe, injin ya yi nishi, wani lokacin ya mutu.

Dalilin yana cikin kwamfuresar firiza. Mota ce ta lantarki, kuma motar da ke tsaye tana zuƙar wuta mai yawa kafin ta fara juyawa, kamar yadda tura amalanke daga tsaye ya fi ci gaba da tura ta wuya. Wannan fizgar ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai dai a firiza takan kai ninki uku zuwa shida na cin da aka rubuta. Mu ɗauki mafi muni: 150 sau 6, wat 900. Mun riga mun sa 150 a jimilla, don haka ƙarin 750 ne. A wannan daƙiƙar gidan na neman 600 da 750, wato wat 1,350, fiye da ninki biyu na ƙarfin ƙaramin injin.

Fizga mafi girma kaɗai ake ƙarawa, ba ta kowane kaya ba, domin da wuya su tashi a lokaci guda. Inda hakan kan faru shi ne lokacin da aka juya gidan zuwa janareto alhali komai na kunne. Shi ya sa ake kashe kaya tukuna, a tayar da injin, a fara jona firiza, sannan sauran su biyo baya.

Yanzu sai kanti. Janareto yana da lamba biyu: abin da yake riƙewa kullum, da iyakar da yake kaiwa na ɗan lokaci. Ta biyun ce aka fi rubutawa da manyan haruffa, don ita ke sayar da kaya. Idan da kVA aka rubuta, ku ninka da 800 don samun wat cikin kwanciyar hankali: 2.5 kVA ya zama wat 2,000. Wannan ya ɗauki 1,350 ɗinmu har da sarari, kuma sararin na da amfani, domin injin kan rage ƙarfi a tsananin zafi da kuma idan ƙurar hunturu ta toshe matacin iskarsa. Sayen mai 6 kVA don wannan gidan kuwa ƙona fetur ne kawai.

Dutsen guga fa? Ba shi da fizga, tun da babu mota a cikinsa, amma yana cin wat 1,000 ko fiye muddin yana ɗaukar zafi. Ku ƙara shi: 1,600. Firiza ta tashi a lokacin, 2,350, an zarce 2,000. Ni dai ban ga dalilin sayen babban inji don gugar yunifom ta minti ashirin ba. A cire firizar, a yi guga, a mayar.

Idan kuka ji firiza na gurnani, ta yi "ƙyas" ta yi shiru, bayan 'yan mintuna ta sake, kwamfuresar ce ke kasa tashi, na'urar kariyarta na yanke wuta don kada wayoyinta su ƙone. Ku zare ta nan take, ku rage kaya, ku jira kamar minti biyar iskar cikinta ta daidaita kafin ku sake jonawa.