A Gyara Zance Tun a Hausa, Kafin Ya Je Hannun Mai Fassara

Mu da muka fito daga ƙauyukan Bichi da Dambatta mun san darajar gona. Ƙasa ce da gida ke kallon gida, babu dajin da za a sara, kuma rabon gado yana ƙara tsinka gonaki. Don haka rigimar gona ba ta ƙarewa. Ana ɗaukar shaida da Hausa a gaban alƙali, amma in shari'a ta yi nisa har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, da Turanci za a karanta ta. Ra'ayinmu shi ne, yawancin ɓarnar da ake ɗora wa mai fassara tun a teburin magatakarda aka yi ta.

A ɗauka shaida ya ce, "Ya ba shi gonarsa ya ci, bara waccan." Duk wanda ke zaune a wurin ya gane, domin ya san mutanen. Mai fassara kuwa takarda kaɗai ke gabansa. Wa ya bayar? Gonar wa, ta mai bayarwa ko ta mai karɓa aka mayar masa? "Bara waccan" kuma daga wace shekara za a ƙirga?

Babbar matsalar tana cikin "ba" da "ci". A ƙauye, "ba da gona" na iya zama kyauta, ko aro, ko jingina, watau a karɓi kuɗi ko hatsi a bar wa mutum gona ya noma har a biya shi. Hukuncinsu dabam dabam ne. Mai fassara dole ya zaɓi ɗaya, in kuwa ya zaɓi kyauta alhali jingina ce, magada sun rasa gonar ubansu.

Ba mu ce magatakarda ya sauya maganar shaida ba. Wannan cin amana ne. Ya rubuta ta yadda ta fito, sa'an nan alƙali ya tambaya, a rubuta amsar filla-filla: "A damanar 2019, mahaifin mai ƙara ya jinginar wa wanda ake ƙara gonar da ya gada, a kan buhun gero biyar. Wanda ake ƙara zai noma ta, ya ɗauki amfanin, har ranar da aka mayar masa da geron." Suna ko matsayi ya maye gurbin "ya" da "shi", shekara ta fito da lamba, cinikin an kira shi da sunansa.

Wasu za su ce wannan Hausa ba ta da gishiri. Gaskiya ne, mu ma ba haka muke hira a dandali ba. Amma ga gwaji mai sauƙi ga 'yan'uwa ma'aikata: a ba mutum biyu jimlar, kowa ya fassara shi kaɗai. In suka saɓa a kan wanda ya mallaki gonar, a koma wa shaida tun bai bar harabar kotu ba.