Ra'ayinmu: Tambayar "Gaskiya ko Ƙarya" Ta Zama Madubin Ajinmu

A duk ƙarshen zango, malaman darasin ilimin zama ɗan ƙasa kan cika takardun jarrabawa da jimlolin "gaskiya ko ƙarya", domin suna da sauƙin rubutawa da sauƙin dubawa. Matsayinmu shi ne, irin wannan jimla ba ta da amfani sai in an gina ta a kan wani kuskure da ɗalibai suka riga suka ɗauka gaskiya ne. Jimlar da kowa zai ci, kamar "Abuja ce babban birnin tarayya", ba ta gaya wa malami komai game da abin da ke kan yaransa.

Mu ɗauki misali daga ƙofar gidanmu. Mafi yawan ɗalibanmu na Kura da Bunkure 'ya'yan manoman rani ne, sun tashi suna ganin ruwan madatsar Tiga yana bin magudanai zuwa gonakin shinkafa, alkama da tumatir. Amma a tambaye su wane matakin gwamnati ne ke da alhakin wannan ruwa, sai a ji wasu sun ce shugaban ƙaramar hukuma, domin shi ne mai mulkin da suka fi gani. Alhali kuwa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da madatsar da manyan magudanan, kuma hukuma ce ta gwamnatin tarayya. Yaron da ya bar makaranta da wannan ruɗu, gobe shi ne manomin da zai kai kukansa inda ba a da ikon share masa hawaye, shukarsa kuwa tana bushewa.

To, yaya za a rubuta jimlar? A ce malami ya rubuta: "Shugaban ƙaramar hukuma ne kaɗai ke da iko da dukkan ruwan noman rani, kuma shi ke karɓar harajin kasuwa." Aibinta biyu ne. Na farko, kalmomin "kaɗai" da "dukkan" sun tona asirinta, domin yaro mai wayo ya san jimla mai irin wannan zaƙewa galibi ƙarya ce, sai ya ci makin ba tare da ya san komai ba. Na biyu, ta haɗa magana biyu, don haka in ya ce "ƙarya", ba mu san wacce ya ƙaryata ba. Gyararriyar ita ce: "Ƙaramar hukumar Kura ce ke da alhakin sakin ruwa a manyan magudanan da suka ratsa yankinta." Magana ɗaya ce, a natse, mai kama da gaskiya ga wanda ke ɗauke da kuskuren. A ƙarƙashinta kuma a bar layi guda da umarnin cewa wanda ya zaɓi "ƙarya" ya faɗi wanda ke da alhakin.

Wannan layi shi ne ke raba sani da canke. Tunda zaɓi biyu ne kawai, mai kintace yana da rabin damar dacewa. A ce aji yana da ɗalibai 40. In kimanin 20 suka ci, layin gyaran kuma ya zo wayam, to ajin bai san batun ba, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. In kuwa 32 suka ce "gaskiya", wannan ya wuce canke: kuskure ne da ya yi saiwa, kuma sai an ware masa darasi na musamman kafin a wuce gaba.

Haka za a bi da sauran. "Hukumar INEC ce ke shirya zaɓen shugaban ƙaramar hukumar Bunkure" ƙarya ce, domin wannan aikin hukumar zaɓe ta jiha ne, wato KANSIEC. Sai dai kada duk jimlolin su zama ƙarya, in ba haka ba yara za su gano lagon malami. A sa gaskiyar da ke ba da mamaki, kamar "Kura da Bunkure ba sanata ɗaya ne ke wakiltarsu ba." Gaskiya ce, domin Kura tana Kano ta Tsakiya, Bunkure kuwa tana Kano ta Kudu, duk da maƙwabtakarsu.

Akwai kuma haɗarin da ya wajaba mu kiyaye. Jimlar ƙarya da aka karanta ba a gyara ba takan zauna a kan yaro kamar gaskiya. Saboda haka ranar mayar da takardu, a bi kowace jimla a faɗi daidai ɗinta da dalilinsa.

Muna kira ga malaman reshenmu da kowa ya riƙa rubuta kurakuran da yake ji daga bakin ɗalibai, da kalmomin da suka faɗe su, ya kawo biyar zuwa taronmu na gaba domin mu haɗa kundi guda. Iyaye kuma, in yaro ya dawo da takardarsa, ku tambaye shi dalilin amsarsa kafin ku tambayi makinsa.