Takardar da Uwa Ta Rubuta wa Hedimasta

Ran Lahadi bayan an tashi sujada, wata 'yar'uwa daga cikin Zumuntar Mata ta kawo mana takarda ta ce mu duba mata kafin ta kai wa hedimastan firamaren unguwarsu. 'Yarta tana da shekara 8. Hatsarin babur ne ya taɓa mata laka tun tana da shekara 4, daga nan ƙafafu suka daina ɗaukarta, sai a keken guragu take tafiya. Ƙanenta yana aji biyu yanzu, ita kuwa kullum tana bakin ƙofa tana kallon yara suna wucewa da jaka.

Muka karanta takardar. Shafi guda ce cike da roƙo: a dubi Allah, a ji tausayin marar ƙafa, ko a bayan aji ne a ajiye ta, ba za ta dami kowa ba. Abin ya sosa mana zuciya. Amma muka gaya wa uwar gaskiya, cewa irin wannan takarda ba ta cika buɗe ƙofa ba. Hedimasta zai karanta, ya ce Allah sarki, ya sa ta a aljihun tebur, sa'an nan ya ce babu wuri, ko kuwa a kai ta makarantar naƙasassu, wadda take wani gari mai nisa.

Ra'ayinmu shi ne, bai kamata iyaye su rubuta kamar masu neman sadaka ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas ga kowane yaro. A watan Janairu 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna bambanci ga naƙasassu. Dokar ta ba su 'yancin karatu ba tare da wariya ba, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin nan ya cika a Janairu 2024. Layi ɗaya ya isa a ambaci wannan a takarda, cikin ladabi. Ba mu ba da shawara a fara da barazanar kotu ba, gama malamin da aka tsorata zai iya rubuta sunan yarinya a rajista, ya kuma bar ta a kusurwa har shekara ta ƙare.

Yawancin hedimastocin da muka sani ba mugaye ba ne. Tsoro suke ji. Wa zai ɗauke ta a matakala? In ta faɗi, laifin wa? In fitsari ya kama ta fa? Takardar da za ta yi aiki ita ce wadda ta amsa waɗannan tambayoyi tun ba a yi su ba. Saboda haka muka ce wa uwar a ajiye biro tukuna, a nemo tef na awo. Ran Litinin da yamma muka je makarantar tare da wani birkila ɗan ikkilisiyarmu, da izinin mai gadi.

Faɗin keken yarinyar inci 24 ne. Ƙofar aji ɗaya inci 33, wato za ta wuce da hannuwanta a kan tayoyi ba tare da ta goge yatsu ba. Damuwar tana wajen baranda, inda akwai matakala biyu, kowace inci 6. Birkila ya ce ƙa'idar gangaren keke ita ce, kowane inci guda na tsayi yana bukatar ƙafa guda ta tsawo. Inci 12 ke nan, sai gangare mai tsawon ƙafa 12, faɗinsa kuma kada ya gaza ƙafa 3. Mun sha ganin inda aka zuba siminti a kan matakala kawai, tsawon ƙafa uku ko huɗu, aka ce an yi wa guragu hanya. Irin wannan ya fi babu haɗari, don keke yakan kife da baya a wajen hawa, a wajen sauka kuma ya kwasa da gudu. Gwajin mai sauƙi ne: in yaron bai iya tura kansa ya hau shi kaɗai ba, gangaren ya yi tsaye da yawa. Kada kuma a goge saman ya yi santsi. A ja tsintsiya a kai tun siminti yana ɗanye, saboda damina.

Bayan gida shi ne abin da kowa yake jin kunyar faɗa, shi ne kuwa yake korar irin waɗannan yara daga makaranta cikin mako biyu. Masan makarantar na tsugunno ne, ƙofarsa inci 22 kacal, keke ba ya shiga. Wanda ya sami rauni a laka sau da yawa ba ya iya riƙe fitsari kamar sauran, sai an kai shi a kan lokaci. Yana kuma bukatar ya riƙa ɗaga jiki daga kujera a kai a kai, in ba haka ba gyambo ya fito masa a mazaunai, ba tare da ya ji zafinsa ba. Dole a rubuta wannan a fili. Mafita ita ce a faɗaɗa ƙofar ɗaki ɗaya, kafinta ya yi kujerar katako mai rami a tsakiya a ɗora a kan masai, a kafa ƙarfen riƙewa a bango. Kafin a gama, uwar ta ce za ta riƙa zuwa da kanta lokacin hutun tara.

Ga yadda zuciyar sabuwar takardar ta fito: "Ranka ya daɗe, ina neman a ɗauki 'yata a aji ɗaya a zangon nan. Tana tafiya a keke, amma tana gani, tana ji, tana rubuta sunanta, tana ƙirga har ɗari. Mun auna ƙofar aji, keken yana shiga. Barandar tana bukatar gangare mai ƙafa 12, akwai kuma mai ginin da ya yarda ya yi aikin in ka ba da izini. Ba ta bukatar benci, sai ƙaramin tebur da keke zai shiga ƙarƙashinsa, a layin gaba kusa da ƙofa. Ina roƙon a ba ni amsa a rubuce." Aka sa kwanan wata, aka haɗa da takardar asibiti, aka yi kofe biyu, ɗaya na uwar, ɗaya na Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma in an ƙi. Neman amsa a rubuce ba raini ba ne. Da wuya mutum ya sa hannu a ƙarƙashin kalmar "babu wuri" alhali ya san an ɗauki yara goma bayan zuwan takardar.

Wani dattijo ya ce mana, ai gyaran makaranta aikin gwamnati ne, don me iyaye matalauta za su nemo siminti? Yana da gaskiya, kuma a rubuta wa hukuma a nema. Sai dai yarinyar ta riga ta yi asarar shekara biyu, ba za mu sa ta jira kasafin kuɗi ba. Kafin mu ga laifin wani kuma, mu dubi namu. Makarantu nawa ne na ikkilisiya suke da gangare? Mun ƙirga matakalar majami'armu a ranar, huɗu ne, samari biyu ne suke ɗaga yarinyar nan da kekenta kowace Lahadi. Ba za mu iya matsa wa hedimasta a kan matakala biyu ba, muna zaune a kan huɗu.

Hedimastan ya amsa bayan kwana shida, a rubuce. Ya yarda da gangare da tebur, amma ya ce faɗaɗa ƙofar masai sai kwamitin makaranta ya zauna. Zumuntar Maza sun yi alkawarin yashi da bulo, ran Asabar za a zuba gangaren. Maganar matakalar majami'a kuma mun sa ta a jerin abin da dattawa za su tattauna a zamansu na ƙarshen wata.