Kunne ba ya jin ƙololuwa, nauyin murya yake ji

Masu shirya fodkas da Hausa suna da wata hujja da ya kamata a binne ta: wai idan murya ta yi ƙasa, ai mai sauraro yana da maɓallin ƙarawa. Mai wannan magana bai san wanda yake saurarensa ba. Manomin rani a fadamun Haɗejiya waya tana aljihu, hannu cikin taɓo, injin ban-ruwa yana ruri a gefe. Direban da ya taso daga Malam Madori hannunsa yana kan sitiyari. Idan kashi na huɗu ya zo da raɗa, na biyar ya zo da tsawa, ba gyarawa za su yi ba, kashewa za su yi.

Mai shiri zai ce ai ya danna `Normalize` a Audacity. To, nan gizo ke saƙa. Wannan umarni ƙololuwar sauti kaɗai yake dubawa, wato wuri ɗaya tak mafi tsini a faifan. Tari ɗaya ko bugun tebur ya isa ya hana a ɗaga sauran hirar. Kunne kuwa nauyin magana gaba ɗayanta yake ji, kuma shi ne abin da ma'aunin LUFS yake aunawa. Ya samo asali daga ƙa'idar ITU-R BS.1770 ta 2006. Yana ba da muhimmanci ga sautin da kunne ya fi ji, yana tsallake shiru. Kamfanin Apple ya ba masu fodkas shawarar −16 LUFS, kada kuma ƙololuwa ta haura −1.

A ɗauki misali. Kashi na huɗu ya auna −24, ƙololuwarsa −3. Na biyar ya auna −13. Tazarar 11 ke nan, alhali bambancin desibel 10 ma kunne yana jin sa kamar ninki biyu. Na biyar maganinsa mai sauƙi ne: a rage 3. Na huɗu yana bukatar ƙarin 8, wanda zai kai ƙololuwarsa +5, murya ta tsage kamar fasasshen amsa-kuwwa. Don haka bayan `Loudness Normalization` dole a sa `Limiter` ya danne tsinin. A ffmpeg layi ɗaya ya haɗa aikin biyu:

```
ffmpeg -i kashi4.wav -af loudnorm=I=-16:TP=-1.5 -ar 44100 sabo4.wav
```

Ma'aunin yana da iyaka, kuma bai halatta a fake da shi ba. Matsakaici yake bayarwa. Idan mai gabatarwa ya rungume makirfo, baƙo kuma yana magana daga bakin zaure, faifan zai iya nuna −16 cif alhali ba a jin baƙon. Sai an fara daidaita muryoyin biyu, kowacce daban, sannan a auna jimla. Haka nan ɗaga raunanniyar murya yana ɗago ƙarar janareto tare da ita.

Wanda ya kashe kuɗin data ya sauke shirinka ya biya nasa. Kada ka ƙara masa aikin injiniya.