Amsar layi biyu da ke raba mutum da sabon aiki

Idan sabon kamfani ya rubuto wa tsohon wurin aiki yana neman tantance ma'aikaci, abu biyu yake son ji: yaushe ya fara ya kuma bari, kuma wane muƙami ya riƙe. Amsar ba ta wuce layi biyu ba, amma yadda ake rubuta ta kan mayar da mai gaskiya maƙaryaci.

A ɗauki misalin matashiyar da ta yi kashiya a wani banki a Kano daga Maris 2019 zuwa Disamba 2023. A takardar neman aikinta ta rubuta shekara huɗu da wata goma, kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai wata 28 na farko ta yi su ne ƙarƙashin kamfanin da ke samar wa bankin ma'aikatan kwantiragi. Sai a Yuli 2021 bankin ya ɗauke ta da kansa. Da aka tambayi sashen kula da ma'aikata, jami'i ya duba kwamfuta ya amsa: Yuli 2021 zuwa Disamba 2023. Shi ma bai yi ƙarya ba. Amma wanda ya karɓi amsar shekara biyu da rabi ya gani, kuma ba lallai ya kira ta don jin ba'asi ba. Sai kawai ya ɗauko na biyu a jeri.

A nan ne ya kamata tsohon wurin aiki ya ƙara jimla ɗaya: kafin wannan rana ta yi aiki a reshenmu ta hannun kamfanin kwantiragi, a tuntuɓe su. Wannan ba alfarma ba ce, tunda a kantar bankin ta zauna tana ƙirga kuɗinsa.

Wasu jami'an kan ce taƙaita amsa kariya ce, kuma suna da hujja. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta buƙaci a tsaya kan bayanin da buƙata ta kawo, don haka albashi, rashin lafiya ko saɓani da manaja ba su da gurbi a wasiƙar. Daidai ne kuma a nemi ganin amincewar ma'aikacin a rubuce, a tabbatar imel ɗin daga kamfanin ya fito. Amma ranar fara aiki ita ce ainihin abin da aka tambaya; cika ta ba tona asiri ba ne.

Ita ma mai neman aikin tana da gyara. Ta raba lokacin gida biyu, kowanne da sunan wanda ya biya albashi, ta kuma rubuta muƙamin da ke takardar ɗaukarta aiki, ba wanda ake kiranta da shi a reshe ba. Idan kamfanin kwantiragin ya rufe, ta nemi bayanin asusun fanshonta daga kamfanin da ke kula da shi. Muddin an riƙa zuba mata kuɗin, zai nuna wanda ya zuba da watan da aka biya.